Neman kalma: cin zalin da ɗalibai ke yi wa juna a guruf ɗin aji

Malama Hadiza: Assalamu alaikum malamai. Ina neman agaji kafin Litinin. Shugabar makarantarmu ta sa ni rubuta takarda shafi ɗaya da Hausa don 'yan SS1 da iyayensu, kan abin da Turawa ke kira saibabuliyin, wanda yara ke yi wa juna a guruf ɗin WhatsApp na aji. Ina son kalmar da za ta hau kan takardar, da sunayen abu uku: a ware yaro, a mai da shi abin dariya, a taru a kansa. A ƙasa kuma akwai gurbin da ɗalibi zai cike ya kai wa malamin aji.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Cin zali ta intanet. Sauran ukun ai muna da su: wariya, zolaya, taron dangi.

Nura: Malama, ki sa musu kada su ba kowa lambar nan shida da ake turowa. Haka aka ƙwace WhatsApp ɗin ƙanena aka riƙa roƙon kuɗi da sunansa.

Malama Hadiza: Allah Ya kiyaye gaba Nura, amma wannan kutse ne. Ni masu yin abin 'yan ajinsu ne, benci ɗaya suke zama.

Anti Bilki: Malam Sani, taron dangi ya zauna. Zolaya ce ban yarda da ita ba, don ita ce mafakar masu yin. Duk yaron da na kira ofis, abin da yake fara cewa shi ne "wasa muke yi". Idan takardar kanta ta ce zolaya, kin miƙa masa uzuri. Ki sa ba'a ko izgili. Ni da nake aikin ba ɗalibai shawara, abu uku nake dubawa kafin in ce wasa ya tashi daga wasa. Yau shi, gobe shi, jibi ma shi? Yana ramawa ana dariya tare, ko kullum a kansa take ƙarewa? Ya ce a daina an ci gaba? Wasan taubasai kowa na ci ana cinsa. Wannan kuwa mutum ɗaya ake ci.

Baba Ɗanlami: Kafin ku yi nisa. Intanet ba Hausa ba ce, guruf ba Hausa ba ce. Muna da yanar gizo, muna da zaure. Ni tun bara na ƙirƙiri zalingizo, kalma ɗaya tak, mai aikatawa kuma mazalingizo. Idan ba mu ƙera namu ba, jikokinmu da me za su yi magana?

Malam Sani: Baba, uwar da ba ta yi boko ba in ta ji zalingizo, Gizo da Ƙoƙi za ta tuna. Kuma mazalingizo bai bi ƙirar ma- ba, ita daga aikatau take fita, kamar manomi, maɗinki.

Baba Ɗanlami: Jirgin sama ma da aka fara faɗa wani ya yi dariya. Ku 'yan Kano duk abin da bai fito daga bakinku ba sai ku ce bai zauna ba.

Malam Isufu: Nan Maraɗi ba mu cewa makaranta ga ta boko kullum, lakwal muke cewa, malami kuma mushe, kuma Hausarmu ba ta ragu ba. Amma ni tsangwama na fi so. Cin zali na kawo hoton babba ya danne ƙarami da ƙarfi. Tsangwama kuwa ita ce a sa mutum gaba a hana shi sakat, ko da sa'anninsa ne.

Baba Ɗanlami: To ai shi ke nan, lakwal ta shigo, guruf ya shigo, sai mu naɗe tabarmar Hausa.

Anti Bilki: Baba, a yi haƙuri, bari in ba Malama misali don ta ga abin da gurbin zai ɗauka. Wata yarinya ta yi gyangyaɗi a aji, aka ɗauke ta hoto baki buɗe, aka mai da shi sitika. Daren Talata ƙarfe 9:10 wani ya jefa a guruf. Cikin minti 20 sitikar ta fito sau 14 daga mutum 9. Ta rubuta "don Allah ku goge", aka amsa mata da sitikar. Laraba aka buɗe ƙuri'a, wai wa ya fi kowa barci, sunanta kaɗai aka jera sau uku. Alhamis admin ya cire ta. Izgili, taron dangi, wariya, duk cikin kwana uku. Kowane ɗaya daga cikin taran zai rantse sitika ɗaya ko biyu ya tura, kuma gaskiyarsa. Shi ya sa hoton saƙo guda bai ishi malami ba, sai ya ga jerin da lokutansa.

Don haka gurbin ya tambayi rana da ƙarfe nawa, sunan guruf, wanda ya fara, mutum nawa suka bi, me wadda ake yi wa ta ce, da ko an taɓa yi a baya. A rubuta maganar yadda aka faɗe ta. "Sun zage ta" ba ya kai malami ko'ina. Kuma a ɗauki sikirinshot, kada a tura saƙon gaba, don wanda aka tura gaba ba ya ɗauke da sunan mai shi na asali balle lokacin. A yi da wuri, tunda mai saƙo na da kusan kwana biyu ya goge wa kowa, sai a ga `This message was deleted` kawai. In an kunna saƙo mai ɓacewa na awa 24, ko wannan ba za a gani ba.

Malama Hadiza: Anti, wariyar fa? Me yaro zai ɗauka hoto, tunda abin rashi ne?

Anti Bilki: Nan ne wahalar. In cire ta aka yi, WhatsApp na rubuta wa ya cire wa a tsakiyar hira, wannan a ɗauka. In ta fita da kanta, admin kaɗai ake sanar wa, amma sunanta na zama a jerin tsofaffin 'yan guruf har kwana 60. Mafi muni shi ne a buɗe sabon guruf da kowa ban da ita. Alamarsa tsohon ya mutu murus, ta tambayi aikin gida babu mai amsawa, washegari kowa ya zo da nasa. Wannan sai ɗan cikin sabon guruf ɗin ne zai iya nuna jerin sunaye. Amma a bambanta: ƙawaye biyar su buɗe nasu ba laifi ba ne. Aji 42 a sa 41, shi ne mai da mutum saniyar ware. Abu ɗaya kuma ki rubuta da manyan baƙi: in hoton tsiraici ne, kada a ɗauka, kada a ajiye, kada a tura ko wa malami. A je a faɗa da baki.

Malam Sani: Ki ƙara cewa dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, ta haramta duk wannan. Su ji tsoro.

Anti Bilki: Sashen na nan, amma an taƙaita shi a gyaran 2024, sitikar gyangyaɗi ba ta kai can ba. Kuma da ɗan shekara 15 ya ga an ambaci 'yan sanda, ba zai cike gurbin ba, tsoron a ce shi ya ɗaure ɗan ajinsu. Da ma munafuki suke kiran mai kai ƙara. Gara ki rubuta cewa malami ba zai faɗi sunan wanda ya kawo ba, kuma a yanke saman sikirinshot ko duk abin da zai nuna wayar waye kafin a nuna wa iyaye.

Baba Ɗanlami: Har yanzu ba ku ce komai kan kalmar kai ba.

Malama Hadiza: Ga abin da zan sa. Kan takarda: Tsangwama da cin zali a zauren aji na WhatsApp. Ƙarƙashinsa: saniyar ware, izgili, taron dangi. Baba, na ɗauki zaure.

Malam Sani: Ya yi tsawo, kalma biyu a gurbin ɗaya. Kuma yara guruf za su ci gaba da cewa. Amma ki buga, lokaci ya ƙure.

Malam Isufu: Mu nan rubdugu za mu ce maimakon taron dangi, don ba dangi ba ne suka taru.

Baba Ɗanlami: Zaure kaɗai aka ba ni. Ban janye zalingizo ba. Malama, in za a sake bugawa zango mai zuwa, ki sanar da ni.