Yarona ya rubuta n + 3 an ja masa jan biro, ina kuskuren yake?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu lissafi ku taimaka min. An ba yarona aikin gida irin mai wasa ƙwaƙwalwar nan, kowace amsa tana da harafinta a wani akwati a ƙasan takardar, in ka gama sai haruffan su haɗa kalma. Ta farko zanen tsinken ashana ne an jera ɗakuna manne da juna, 4, 7, 10, 13, wai a nemo `nth term` da kuma na 20. Ya rubuta n + 3, na 20 ɗin ya sa 62, duka an ja masa jan biro an ce ya gyaro. Ta biyu 5, 12, 23, 38, ta uku kuma 1, 2, 4 sai layi. Ni rabona da lissafi tun WAEC wlh.

Ɗan Gayu: Wslm Hajiya ai wannan mai sauƙi ne, 16 ce ta gaba, uku uku ake ƙarawa

Maman Khalifa: Na gode ƙanina, amma 16 ɗin ai ya sani, ba ta gaba suke nema ba.

Malam Mai Alli: Wa alaikumussalam Maman Khalifa. Yaron naki ya ga abin da ke faruwa, inda ya zame shi ne ma'anar n ɗin. Shi a ransa n tana nufin lambar da ta wuce, wato ɗauki ta baya ka ƙara uku. Amma n a nan lambar layi ce, kamar katin da ake ba ki a asibiti, ke ce ta 1, ke ce ta 2, ke ce ta 20. Abin da ake so shi ne fomular da in kin ba ta lambar layi za ta ba ki yawan ashana kai tsaye ba sai kin bi ta kan na baya ba. Ki sa ya gwada tasa da kansa: n = 1 ta ba da 4, daidai, sai ya ji daɗi, amma n = 2 ta ba da 5 alhali zanen 7 ne. To nan ta faɗi.

Yanzu ku ajiye biro ku zazzago ashana a kan tabarma. Ki fara kafa tsinke ɗaya a tsaye, shi ne bangon farko. Don ɗaki ya rufe sai kin ƙara uku, sama da ƙasa da gefe. Ɗaki na biyu ma uku kawai yake ci saboda ya jingina da bangon na farko, kamar dai shagunan kasuwa da ake ginawa a jere kowa na haɗa bango da maƙwabcinsa. Kin ga kenan kowane ɗaki uku ne, sai wancan ɗayan na farko da ba na kowa ba. Ɗaki n zai ci uku sau n, a ƙara ɗaya, `3n + 1`. Na 4 ya zama 12 da 1, 13, ya dace da zanen. Na 20 kuma 60 da 1, wato 61.

62 ɗin nan ma kusan zan iya rantsewa na san inda ya samo ta. Ƙirgawa ya yi har na 10 ya samu 31 sai ya ninka biyu. Amma in kika gina jeri biyu masu ɗaki goma goma kika zo haɗa su, bango ɗaya ya zama rara a tsakiya dole a cire shi. Ki tambaye shi ki ji.

Maman Khalifa: Ikon Allah! Malam haka ya yi wlh, yanzu na tambaye shi yana ta dariya. Kuma 62 ɗin tana cikin akwatin haruffan fa shi ya sa ya ɗauka ya ci.

Malam Mai Alli: Ai da gangan suke sa ta Hajiya, tarko ce. Masu haɗa irin takardun nan sun san kuskuren da yara ke yawan yi sai su ba shi harafi shi ma, don haka ganin amsa a akwati ba shaida ba ce.

Issoufou Damagaram: Salam. Ni dai abin ya ɗan rikita ni, yadda muka koya a nan Nijar da na rubuta sai `3n + 4` ta fito min, na fara da 4 ina ƙara uku sau n. Ko ni ne na manta?

Malam Mai Alli: Ba ka manta ba Malam Issoufou, wurin fara ƙirga ne ya bambanta. A tsarin Faransanci an saba kiran lambar farko `u0`, wato daga sifili ake farawa, to a haka taka daidai ce, n = 0 ta ba da 4. Mu a littattafan Najeriya daga 1 muke farawa shi ya sa ake rubuta `a + (n - 1)d`, a ita ce lambar farko, d kuma tazarar. In ka sa 4 da 3 ka warware baka, 4 + 3n - 3, ka dawo kan `3n + 1`. Sai dai in yaron ya kai taka makaranta ya sa 20 zai samu 64, wanda a ƙirgarsu na ɗaki 21 ne, wani jan biron kenan.

Anti Zee: Bari in gwada ta biyun, na ɗan tuna abin nan. Daga 5 zuwa 12 bakwai, 12 zuwa 23 sha ɗaya, 23 zuwa 38 sha biyar, tazarar ba ɗaya ba ce to sai a sake cirewa, 7, 11, 15 suna hawa da huɗu huɗu. Indai sai a hawa na biyu ta daidaita to akwai n² a ciki. Don haka `4n² + 1`, na gwada da 1 ta ba ni 5 cif 😊

Malam Mai Alli: Anti Zee kin kawo mu har bakin ƙofa sai mukulli ya faɗi. Duk abin da kika yi daidai ne har zuwa huɗun nan. Amma sa n = 2 a taki, huɗu sau huɗu 16, da 1, 17, mu kuma 12 muke nema. Irin ramin da Khalifa ya faɗa ne, gwaji da lambar farko kaɗai.

Rabin huɗun ake ɗauka, ga dalili. Dubi n² ita kaɗai: 1, 4, 9, 16. Tazararsu 3, 5, 7, waɗannan kuma suna hawa da biyu biyu. Wato n² guda ɗaya tak tana haifar da 2 a hawa na biyu. To mu 4 muka gani, kenan n² guda biyu ne a ciki, `2n²`. Sai a rubuta abin da ita take bayarwa, 2, 8, 18, 32, a ɗora a ƙarƙashin lambobin takardar a cire ɗaya bayan ɗaya. 5 a cire 2 saura 3, 12 a cire 8 saura 4, 23 a cire 18 saura 5, 38 a cire 32 saura 6. Ragowar 3, 4, 5, 6 ce, kowace ta ɗara lambar layinta da biyu, wato n + 2. A haɗa su, `2n² + n + 2`. Gwaji da ta ƙarshe tunda ita ce mai tona asiri: biyu sau 16, 32, da 4, da 2, 38.

Maman Khalifa ki kula masa da abu ɗaya, 2n² ba wai a ninka n biyu sannan a yi sikwaya ba ne, n sau n ake fara yi sannan a ninka biyu. A n = 3, 18 ce ba 36 ba.

Anti Zee: Kash, rabin nan ne na manta, shekara nawa 😩

Alhaji Mai Tireda: Ni fa kun tuna min da gwangwanin madara da nake jerawa a kan kanta, ɗaya a sama, biyu a ƙasansa, uku, huɗu, haka. Hawa huɗu gwangwani 10 yake ci, na taɓa yin hawa goma katan guda bai isa ba sai da na ɓalle wani, 55 ya ci. Shi ma yana da fomula ko kuwa?

Malam Mai Alli: Yana da ita Alhaji, 1, 3, 6, 10, `n(n + 1)/2`. Goma sau sha ɗaya 110, rabinta 55 ɗin da ka ƙirga.

Ɗan Gayu: To ta ukun dai ku bar min ita, 8 ce, ninkawa ake yi, 1, 2, 4, 8, 16. Wannan ko Malam bai isa ya ƙaryata ba

Ummu Hanan: Ni kuma 7 na gani. An ƙara 1, an ƙara 2, sai a ƙara 3 mana. Kuma ba hasashe ba ne kawai, ɗauki gurasa ka ajiye a faranti, ba ka yanka ba guda 1 ce, yanka ɗaya miƙaƙƙe 2, yanka biyu 4, na uku in ka ratsa duka biyun ka kauce wa mahaɗarsu 7 za ka samu, kuma indai ba ka ɗora wani yanki kan wani ba ba yadda za ka yi ta kai 8.

Ɗan Gayu: Haba Anti, naɗe takarda biyu ki sake naɗewa ki sake, ki ƙirga ki gani in ba 8 ba

Malam Mai Alli: Ku biyun ba wanda zan ce ya yi kuskure, kuma a gaskiya ni tambayar ce ban so ba. Lamba uku ba ta isa ta ɗaure jeri ba. `2^(n-1)` tana ba da 1, 2, 4, 8, ita kuma `n(n - 1)/2 + 1` tana ba da 1, 2, 4, 7, duka sun dace da abin da aka bayar. Ko lamba biyar ma tana iya yaudara, akwai wani sanannen jeri na ɗigo a gefen da'ira ana haɗa kowane biyu da layi ana ƙirga yankuna, yana tafiya 1, 2, 4, 8, 16, kowa ya sa ran 32 sai 31 ta fito. Abin da ya sa ta farko ba ta da gardama shi ne zanen ashanar, shi ya nuna yadda ake ginin. Hajiya duba ko akwai zane ko wani rubutu kusa da ta ukun, sannan wace ce a akwatin haruffa, 7 ko 8?

Maman Khalifa: Malam duka biyun suna ciki 😂 akwai alamar wani zane a gefe amma hoton kwafin ya yanke shi, baƙi kawai ake gani. Saura tambaya huɗu bai yi ba, na ce ya gama su tukuna mu ga wane harafi ne zai sa kalmar ta karantu.

Ummu Hanan: In ta fito ki dawo ki faɗa mana dan Allah, ni dai ina kan 7 ɗina.

Ɗan Gayu: In 7 ce ni zan sayi gurasar