Sunan alƙalami da sunan waƙa: ya kuka zaɓi naku, ya kuka gane ba na wani ba ne?

Ƙanwar Maza:
Assalamu alaikum. Na kammala littafina na farko, ina so in fara sakin shi a guruf-guruf na WhatsApp da kuma Wattpad, amma ba da sunana na yanka ba, saboda dangin miji. Sunaye uku nake juyawa a raina: Autar Hajiya, Ummu Amal, sai 'Yar Maƙera, don gidanmu asali gidan ƙira ne. Waɗanda suka riga mu shiga harkar nan, marubuta da mawaƙa, don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. Ta yaya ake gane suna ba kowa a kansa?

Anti Ladidi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Biyun farkon nan ki ajiye su tun yanzu. Duk sunan da ya fara da Ummu, Oum, Maman, Autar ko Gimbiyar, ki ɗauka akwai masu shi, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ni da sunan Maman wance na fara, da sunan 'yata ta fari. Littafina na uku na kuɗi ne, naira 500, a tura ta banki a nuna shaida a saka mutum a guruf. Sai wata baiwar Allah ta kira ni tana faɗa, wai ta biya an yi banza da ita. Na ce turo shaidar. Asusun ba nawa ba ne. Ashe akwai wata marubuciyar mai sunana sak, bambancinmu ita tana ƙara h a ƙarshen sunan yarinyar. Ita ma ba cuta ta yi niyya ba, nata littafin take sayarwa, masu karatu ne suka haɗa mu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne salon rubutunta ba irin wanda zan so a jingina mini ba ne, har ƙanwar mahaifina ta kira ni tana salati.

Wani abu kuma, tunda ɓoye kai kike so: ranar da kika fara karɓar kuɗi, duk wadda ta tura za ta ga cikakken sunan da ke kan asusun. Ki san yadda za ki yi da wannan tun kafin a kai can. Kuma Ummu Amal ai kin riga kin faɗa wa dangin mijin ko ke wace ce.

Baba Na Zage:
Ku yaran yanzu kuna ba ni mamaki. A da mutum ba ya raɗa wa kansa suna, jama'a ke raɗa masa. Adamu Wayya maraya ne, a Jos yake, aka ce Ɗan Maraya Jos, har ya koma ga Allah a 2015 ba a rikita shi da kowa ba. Rabilu Musa kuwa sunan da ya fito da shi a wasa ne ya bi shi, kowa Ibro ya sani. Ki tambayi mutanen gidanku da me suke tsokanarki tun kina ƙarama. Wannan ba za ki same shi a wurin wata ba.

Sani Mai Situdiyo:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka haka take, sai dai lokacinsu Ɗan Maraya ba a buga suna a waya a neme shi. Yanzu in yaro ya zo situdiyona zai yi waƙar farko, kafin mu kunna komai sai mun zauna kan sunan, kuma ga yadda nake yi. Bari in yi misali da naki na uku, Hajiya.

Matsalar Hausa ita ce suna ɗaya rubutu biyar. Ke za ki rubuta 'Yar Maƙera da ƙa mai lanƙwasa, amma mai nemanki a waya yawanci ba shi da wannan harafin. Wani zai buga Yar Makera, wani Yar Mak'era, wata Yar Maqera, wani Ƴar Maƙera. In kin duba rubutu ɗaya kin ga ba kowa, ba ki duba komai ba. Ki jera su duka a takarda, kowanne ki saka shi a Google cikin alamar zance, don ya kawo kalmomin a jere yadda kika rubuta su:

```
"yar makera" marubuciya
"yar maqera" hausa novel
site:wattpad.com "yar makera"
```

Layi na ƙarshen nan cikin Wattpad kaɗai zai duba miki. Amma kada ki tsaya a Google, don abin da ke yawo a guruf na WhatsApp ba ya ganinsa, na Facebook ma kaɗan yake kamawa. Ki shiga Facebook, TikTok, YouTube da Telegram, kowanne ki yi amfani da wurin bincikensa na ciki. Mawaƙi kuma ya ƙara da Audiomack da Boomplay da Spotify.

Abin da ake dubawa ba wai ko akwai mai sunan a duniya ba ne, da wuya a rasa. Tambayar ita ce: a harkarki yake? Yana motsi? In mai sayar da atamfa ce take da sunan, ba ruwanku da juna. In marubuciya ce da ta saki shafi makon jiya, ko mabiyanta ɗari biyu ne, bar mata.

Abban Sadik:
Duk wannan dogon turanci ne. Ki je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ki yi wa sunan rajista kawai. Ni haka na yi wa nawa, na riƙe satifiket, duk wanda ya taɓa sunan kotu ce za ta raba mu.

Lauyan Unguwa:
Abban Sadik, rajistar da ka yi tana da amfani, amma ba wanda kake zato ba. CAC sunan kasuwanci take yi wa rajista. Za ta hana wani ya zo wurinta ya yi rajistar kasuwanci da irin sunan, kuma za ka iya buɗe asusun banki da shi, wanda hakan ma maganin damuwar da Anti Ladidi ta kawo ne. Amma ba ita ke hana wani yaro a Gusau ya kira kansa da sunan a waƙa ba. Mai wannan aikin ita ce rajistar alamar kasuwanci, ofishinta daban ne, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya a Abuja, kuma rukuni-rukuni ake yi, harkar nishaɗi tana rukuni na 41. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 kuwa littafin da waƙar take karewa, ba sunan da aka sa a kansu ba. Ga mai littafi ɗaya da bai fita ba tukuna, ban ga dalilin kashe kuɗin alamar kasuwanci yanzu ba. Duba sunan a shafin binciken CAC dai kyauta ne, a duba.

Abban Sadik:
To ni dai tunda na yi ba wanda ya taɓa mini suna.

Ɗan Tudun Wada:
Salam. Ni ma ina da irin matsalar, sunana na BVN ya bambanta da na katin ɗan ƙasa, an juya sunan mahaifina. Rantsuwar kotu za a yi ko sai an buga a jarida?

Anti Ladidi:
Malam, ba canjin sunan takarda ake magana ba, laƙabin rubutu ne. Ka buɗe naka zaren, za ka samu masu amsa.

Yaro Mai Kalangu:
Ni nawa a kunne ya faru. Na zaɓi suna mai daɗi a rubuce, kalma biyu, ɗaya ta Turanci. Ranar wani biki mai gabatarwa ya kira ni a lasifika, sai wurin ya ɗauki ihu, mata suka miƙe. Da na fito aka ga ba wanda ake zato ba ne, ihun ya mutu. A baki sunana da na wani babban mawaƙi kusan ɗaya suke. Tun daga nan duk wanda ya nemi shawarata nakan ce ya kira mutum uku a waya, ya faɗi sunan sau ɗaya, ya ce su rubuto masa abin da suka ji, su kuma faɗi wanda ya faɗo musu a rai.

Na biyu, da na ɗora waƙa ta hannun kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a manhajoji, a ɗaya daga cikinsu sai ta faɗa shafin wani mai irin sunana, ba ma Bahaushe ba. Manhajar suna take bi in ba ka nuna mata shafinka ba. Sai da na yi ta aika saƙo kafin a raba mu, lokacin zafin waƙar ya wuce.

Hajiya Ta Maraɗi:
Ɗiyata, ki tuna da mu na wannan ɓangaren, don muna cikin masu sayen littattafanku. Mu rubutun Faransanci hannunmu ya saba da shi. Inda kuke sa u mu ou muke sawa, sh ɗinku ch ne a wurinmu, Usman Ousmane, Aisha Aïchatou. Wadda na sani a nan ta duba sunanta da rubutunmu ta ga ba kowa, ashe da rubutun Najeriya akwai mai shi a Katsina da littattafai da yawa. Ki gwada da namu ma. Naki dai Maƙera ba zai canza sosai ba, sai dai wani ya sa é.

Ƙanwar Maza:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na bi yadda Yaya Sani ya ce. Autar Hajiya ban ma iya ƙirga masu shi ba. 'Yar Maƙera kuwa ban ga marubuciya ba, amma abu biyu sun fito. Da k mara lanƙwasa, sakamakon duk na unguwar Makera ta Kaduna ne. Sannan akwai wani asusu mai sunan da ya daɗe ba a saka komai a cikinsa ba, hoton fure ne kawai.

Sani Mai Situdiyo:
Na unguwar bai dame ni ba, illa dai za a riƙa ɗauka ke 'yar Kaduna ce, wanda ga mai son ɓuya ma riba ce. Asusun da ya mutu shi ne abin dubawa, don ya riga ya kama sunan mai @ a wannan dandalin. Kada ki ƙara real ko official ko lamba a gaba, masu kwaikwayo ma haka suke yi, mai karatu ba zai san ta gaske ba. Ki nemi siga ɗaya da take a sake a ko'ina, ki kama ta a duk dandalin rana ɗaya, ko da ba za ki yi amfani da su yanzu ba. Ki lura da TikTok, in kin saka suna sai bayan kwana 30 za ki iya canzawa.

Anti Ladidi:
Ni ban yarda a raina asusun nan ba. Mai shi za ta iya farkawa gobe, ta ga an yi suna, ta fara karɓar kuɗin mutane. Da ni ce zan ƙara kalma ta uku. Kuma kafin ki yanke, ki tura sunan ga masu kula da manyan guruf na littattafai biyu ko uku, su ne suka san wadda ke rubutu a WhatsApp kaɗai. Ki turo mini ta akwati, zan tambayar miki a namu na marubuta.

Sani Mai Situdiyo:
Kalma uku ta yi tsawo a bangon littafi, Anti, kuma mutane da kansu za su yanke ta ukun su koma biyun.