Ƙwannafin maigida ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a taimaka da shawara

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Maigidana yana sayar da atamfa a Kantin Kwari. Wata huɗu ke nan kusan kullum da daddare ƙirjinsa na zafi, ciki ya kumbura, ga gyatsa mai tsami. Ya sha farin maganin nan na ruwa, kwalba ta uku ke nan, yana lafawa ya dawo. Wane magani ya fi ƙarfi?

Baba Tela: Wa alaikumus salam. A jiƙa kanwa kaɗan a ruwan ɗumi ya sha, nan take zai yi gyatsa ya huta.

Anti Nas: Baba, a yi haƙuri, ban goyi bayan kanwa kullum ba. Gaskiya tana kashe tsamin ciki na ɗan lokaci, amma gishiri ne da ita, kuma ba a san adadin da ake sha ba. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda tana iya ja masa abin da ya fi ƙwannafi. Maman 'Yan Biyu, ƙarfe nawa yake cin abincin dare, ƙarfe nawa yake kwanciya?

Maman 'Yan Biyu: Ba ya shigowa sai wajen tara da rabi, Anti. Ya ci tuwo, goma da 'yan mintuna ya kwanta. Da rana kuma ya ce ba ya samun sukunin ci.

Ɗan Singa: Hajiya, kamar labarin maƙwabcin shagonmu kike bayarwa, mai sayar da shinkafa da taliya a sari. Da safe shayi mai kauri kawai yake sha ya fito. Daga nan sai goro da lemon kwalba har la'asar, domin duk lokacin da ya ɗauki cokali sai mai saye ya shigo. Da yamma bayansa na ciwo saboda sauke kaya, sai ya aiki yaro ya karɓo masa haɗin maganin ciwon jiki ya haɗiye da cikin da babu komai. Dare ya yi ya zauna ya rama yunwar yini guda, malmala uku da miya mai manja da yaji, ya kora da ruwan sanyi, ya kwanta da waya a hannu yana bin masu riƙe masa kuɗi. Ƙarfe biyun dare sai ya farka da ruwa mai ɗaci a maƙogwaro.

Ya fi shekara a haka, yana ta canjin magani, har ranar da aka kwashe shi daga shago zuwa asibiti. Likita bai ƙara masa komai mai yawa ba, tsarin yininsa ya sa ya juya. Karin kumallo kafin ya fita, koko da ƙosai biyu ko uku, ko burodi da ƙwai. Abincin rana ya zama shi ne babba, ana kawo masa a kula daga gida, yana idar da azahar ya bar yaro a bakin shago ya shiga ciki ya zauna ya ci a minti ashirin, ba a tsaye ba. Na dare ya koma malmala ɗaya, kuma a ci bayan magariba ko da a kasuwar ne, yadda za a sami awa uku kafin kwanciya. Goro ya rage daga huɗu zuwa ɓari ɗaya bayan cin abinci. Haɗin ciwon jiki aka ce ya bar shi gaba ɗaya, in bayan ya matsa ya sha farasitamol.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne lissafi. Da can a kan gado yake buɗe littafin bashi. Yanzu kafin ya rufe shago yake gama lissafinsa, ya rubuta mutum ukun da zai kira gobe, ya bar littafin a aljihun tebur. Bayan isha'i ya taka a ƙafa minti goma sha biyar ya dawo. Sati biyun farko ya ce bai ga wani bambanci ba, a sati na uku ya fara kwana ba farkawa. Har yau in ya je biki ya ci da yawa da dare yana ji, amma ba na kullum ba ne kuma.

Hajiya Babba: Malmala ɗaya? Ɗan Singa, so kake a ce matar gida ta daina iya girki.

Ɗan Singa: Hajiya ai sauran biyun na ɗumamen safe ne.

Baba Tela: Mu dai da kanwa aka raine mu, ga mu nan da ranmu.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya Baba, amma ta cikin miyar kuɓewa daban, ta sha a kofi kowane dare daban. Abin da Ɗan Singa ya faɗa kan haɗin nan a riƙe shi da kyau. Yawanci akwai ibufurofen ko dikulofenak a ciki, wani lokaci duka biyun, ga kuma garin maganin ciwon kai mai asfirin. Waɗannan suna rage majinar da ke kare bangon ciki daga ruwan tsaminsa, shi ya sa suke kai mutum ga gyambon ciki. Sai maganar kwanciya. Akwai wata ƙofa tsakanin maƙogwaro da tumbi, in ciki ya cika dam aka miƙe a kwance, ruwan tsamin sai ya turo ta ya hauro. A sa bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, tsayin kamar santimita 15 zuwa 20, kuma ya riƙa kwanciya ta hagu. Tara filo ba ya yi, lanƙwasa mutum yake ya ƙara matse cikin.

Ummu Khairat: Nawa mijin kuma ciki ne ba ya fita, kwana uku sai ya yi bai zaga ba. Shi ma a ɗaga gadon?

Hajiya Babba: Wannan daban ne 'yata. Ruwa da yawa, zogale, gwanda.

Malamin Firamare: Madara fa? Ni na san tana sanyaya ƙirji.

Anti Nas: Tana sanyayawa na ɗan lokaci, Malam, daga baya ciki ya sake zubo da tsami don ya narkar da ita, musamman mai maiƙo. Maman 'Yan Biyu, wata huɗu ya isa a je asibiti, kada a tsaya kan gyaran abinci kaɗai. A nemi gwajin ƙwayar cutar da ke kawo gyambon ciki, ana yi da bayan gida. In tana nan, sai an sha haɗin magungunan kashe ta na kwana 10 zuwa 14, rage tuwo ba zai kore ta ba. In an ba shi omifirazol, maganin rage tsamin ciki, ana shan sa minti talatin kafin karin kumallo, mutane da yawa bayan sun ƙoshi suke sha su ce bai yi aiki ba. Kuma in ya riga ya fara shan sa a gaya wa likita, domin sai an dakata sati biyu kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon na iya nuna babu alhali akwai.

Abin da ba a jira da shi kuwa, bayan gida baƙi kamar kwalta, amai da jini, rama ba dalili, abinci ya riƙa tsayawa a ƙirji. In zafin ƙirjin ya zo da gumi ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, a tafi a daren, yana iya zama zuciya.

Ɗan Singa: Baƙin bayan gidan ne ma maƙwabcin namu ya ɓoye kwana biyu.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Yanzu na duba aljihun rigarsa, ga ƙullin haɗin nan har biyu. Kular abincin rana zan fara gobe in sha Allah. Asibitin ne ban san yadda zan shawo kansa ya bar shago ba.

Hajiya Babba: Ki haɗa shi da yayansa, ba zai musa masa ba.

Baba Tela: Har yanzu ba wanda ya gaya mini illar kanwa ga wanda ba shi da hawan jini.