Tambayar walima a jarrabawa: wace ƙwayar cuta ce ta kwantar da baƙi?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Ga tambayar da ta fito mana, ina so in ji yadda waɗanda suka gamu da irinta suka yi da ita. An yi walima, an ci abinci ƙarfe 2 na rana: shinkafa, miyar nama da aka dafa tun daren jiya, da haɗin salak. Wajen ƙarfe 2 na dare mutane da yawa suka tashi da murɗar ciki da gudawa kamar ruwa. Ba zazzaɓi, ba jini, amai kuma sai ɗaiɗaiku, kafin wani daren duk sun warware. Zaɓin shi ne Staphylococcus aureus, Bacillus cereus, Clostridium perfringens da Salmonella. Ajinmu ya rabu biyu.

Ɗan Zazzau: Anti, ai da ganin shinkafa an gama. Mu a tamu soyayyar shinkafa ce da ta kwana aka ɗumama, amsar kuwa Bacillus cereus.

Baba Duba-gari: Ɗana, a taku tambayar awa nawa aka ba ku tsakanin cin abincin da fara ciwon?

Ɗan Zazzau: Awa 3 ne Baba, kuma amai ne ya fi yawa.

Baba Duba-gari: To ka ga ba tambaya ɗaya ba ce. Shekarun da na yi ina bin irin wannan ɓarkewa a wuraren biki, ban taɓa farawa da tambayar me aka ci ba, agogo nake fara dubawa. In amai ya taso cikin awa 1 zuwa 6, to gubar tana cikin abincin tun kafin a kai shi baki. Ƙwayar ta riga ta yi aikinta a tukunya, shi ya sa ba a ganin zazzaɓi, kuma ɗumame ba ya karya wannan guba. A nan ne abinci ke raba gardama: shinkafar da ta kwana a waje ta Bacillus ce, abin da hannu ya cuɗa bayan dahuwa, kamar salak ko yankakken nama, na Staphylococcus ne, musamman in an ce mai girkin na da ƙurji a yatsa.

Tambayar Maman Hanif kuwa awa 12 ce, kuma gudawa ce a gaba. Clostridium perfringens na ɗaukar awa 6 zuwa 24, saboda sai an haɗiye ta da yawa sannan ta saki gubarta a cikin hanji. Ƙwayayenta masu taurin ɓawo suna tsallake dahuwa, su farfaɗo su hayayyafa a babbar tukunyar nama da ke hucewa a hankali. "Tun daren jiya" ɗin nan ba ado aka sa shi ba.

Hajara Nas: Baba, ni Salmonella na so in zaɓa, don ita ma tana iya farawa daga awa 6. Amma a ɗakin marasa lafiya waɗanda na gani da ita jikinsu zafi rau, kuma sukan yi kwana 4 zuwa mako guda. Ga shi tambayar ba ta ambaci ƙwai ko kaza ba. Warwarewa cikin kwana ɗaya ba zazzaɓi ita ta cire min ita.

Abban Sadiq: Bara yarana sun sha fura da nono a hanya, kafin magariba sai gudawa. Wannan ba kwalara ba ce? Ni ina ganin amsarku ma kwalara ce.

Hajara Nas: Allah ya ƙara musu lafiya, Yaya. Kwalara ba ta cikin zaɓin, kuma da ita ake nufi da sun ce gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, jiki ya bushe cikin awoyi. Maganar yara kuma kada ka ɗora wa abincin ƙarshe laifi kai tsaye. Campylobacter da ake samu a madarar da ba a tafasa ba tana yin kwana 2 zuwa 5 kafin ta nuna kanta, wato mai yiwuwa abin da suka ci shekaranjiya ne.

Ɗan Zazzau: Na ji, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Malaminmu ya ce Bacillus na da fuska ta biyu, mai gudawa, awa 6 zuwa 15, kuma ana samunta a nama da miya. Awa 12 ai ta faɗa ciki.

Baba Duba-gari: Gaskiyar malaminku ne, kuma da alamomi kaɗai ba a raba su, sai an auna ragowar abincin da bayan-gidan marasa lafiya. A takarda dai, babbar tukunyar nama da taron jama'a Clostridium mai tambaya yake nufi, ita zan zaɓa.

Maman Hanif: Na gode Baba, ita na zaɓa. Sakamako bai fito ba tukuna, in malam ya yi bitar takardar zan kai masa hujjar Ɗan Zazzau mu ji ta bakinsa.