Na bugi mota a Kawo, inshora ta ce ba za ta gyara tawa ba

Baban Khalifa: Jama'a, shekaranjiya a ƙarƙashin gadar Kawo na daki bayan wata mota, laifina ne. Bambarta ta faɗi, tawa kuma lagireto ya fashe, ruwa na zuba a kwalta. Ina da inshorar naira 15,000 ɗin nan, amma da na kira kamfanin sai suka ce motar da na daka kawai za su duba. Haka abin yake?

Maman Ilham: Ai wannan takardar ta nuna wa 'yan sanda ce kurum, ba a biyan kowa ko sisi.

Injiniya Bala: A'a Hajiya, ana biya in takardar ta gaskiya ce. Matsalar, da yawa na bogi ake haɗa wa mutane wajen sabunta takardu. A danna `*565*11#` a sa lambar mota a gani. Baban Khalifa, taka tad-fati ce, wanda ka yi wa ɓarna take biya, ba kai ba. Tun 2023 tana ɗaukar ɓarnar dukiyarsa har naira miliyan 3, abin da ya haura daga aljihunka. Rauni ko rasa ran wanda ka buga ma tana ɗauka. Lagiretonka dai sai ka nufi Panteka. Ka samo rahoton 'yan sanda da hotuna, kada mai motar ya gyara kafin su turo mai dubawa.

Abu Tudun Wada: Ni fa tawa ce aka buga, a Mando, mutumin ba shi da komai sai "Allah ya ba ka haƙuri". Tawa tad-fatin za ta biya ni?

Injiniya Bala: Ba za ta biya ba, Malam Abu. Tasa ce ya kamata ta biya ka.

Alhaji Kakuri: Ni babbar nake yi, kamfirihensif, mai gyara tawa da ta wanda na buga, har sata da gobara. Ana biyan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin mota a shekara, mafi ƙaranci. Amma ku ji yadda na sha. Na rubuta motar miliyan 4, ina biyan 200,000, shekara ta zagayo ban canza ba, alhali kuɗinta a kasuwa ya kai miliyan 8. Na yi hatsari a hanyar Zariya, gyara ya kama miliyan 1. Suka ce rabin darajarta na yi wa inshora, don haka rabi za su biya, 500,000. A ciki ma suka cire kason da yarjejeniya ta ce ni zan fara ɗauka. Na yi ta faɗa, aka buɗe min shafin da na sa wa hannu ban karanta ba.

Abu Tudun Wada: To Alhaji, in mutum yana ɗan kabu-kabu da yamma da motar gida fa?

Alhaji Kakuri: In a takarda motar gida ce, suka gano fasinja ka ɗauko, za su iya ƙin gyara maka.

Maman Ilham: Na danna lambar yanzu, tawa ba ta fito ba. Wurin wa zan koma?