Me za mu kira layin N.A. da kuma I na bim mai siffar T?

Malamin koyar da gini: Assalamu alaikum. Ina neman sunan Hausa na layin da zanen bim ke nunawa da N.A., wato "neutral axis" a Turance, da kuma na adadin da ake rubutawa I, wato "second moment of area", wanda ake amfani da shi a lissafin lanƙwasar bim. Misalin da nake koyarwa da shi bim ne da aka haɗa da ƙarfe biyu ta hanyar walda: hula mai faɗin milimita 120 da kauri 20, a kan ƙafa mai tsayin milimita 120 da kauri 20, tsayin duka ya zama 140. Ɗalibaina suna cewa "layin tsakiya", ni kuwa sunan bai kwanta mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Kana da gaskiya, domin tsakiyar tsayin bim ɗin nan tana milimita 70 daga ƙasa, layin kuma ba a nan yake ba. Idan aka yanka bim ɗin a gicciye, girman fuskar hula murabba'in milimita 2,400 ne, na ƙafa ma haka. Cibiyar ƙafa tana 60 daga ƙasa, ta hula tana 130, saboda haka ga nisan layin daga ƙasa, wato ȳ:

```
ȳ = (2400×60 + 2400×130) / 4800 = 95 mm
```

Idan bim mai madogara a bakinsa biyu ya lanƙwasa saboda nauyi, abin da ke saman wannan layi matsuwa yake yi, na ƙasansa yana miƙewa, a kan layin kuwa babu matsi babu ja. Saboda haka na fi son "layin sifili".

Ɗaliba: Malam, tun da hula da ƙafa girmansu ɗaya, me zai hana a ce "layin raba-daidai"?

Injiniya: Layin da ke raba fuskar gida biyu daidai yana mahaɗar hula da ƙafa, wato 120 daga ƙasa, kuma yana da aikinsa, amma sai bayan ƙarfen ya wuce iyakar da zai iya komawa yadda yake. Kafin nan, abin da ke daidaita a ɓangarorin biyu shi ne girma sau nisa, ba girma kaɗai ba.

Malamin koyar da gini: Wani abokin aiki ya kawo "layin ba-ruwana", kuma yana da daɗin faɗa.

Injiniya: Ina jin tsoronsa. A daidai wannan layi ne ƙarfin da ke son zame sama daga ƙasa ya fi tsanani, kuma ɗalibin da ya haddace "ba-ruwana" zai ɗauka wurin hutawa yake. Ko sifilin ma gara a cika shi, a ce "layin sifilin lanƙwasa". Game da I kuwa, kowane ɓangare yana kawo abu biyu: nasa na kansa, da girmansa sau nisan cibiyarsa daga layin, nisan kuma a ninka shi da kansa. Nisan a nan 35 ne ga kowannensu.

```
hula: 120×20³/12 + 2400×35² = 80,000 + 2,940,000
ƙafa: 20×120³/12 + 2400×35² = 2,880,000 + 2,940,000
I = 8,840,000 mm⁴
```

A duba hular da kyau: nata na kanta 80,000 ne kacal, amma nisanta daga layin ya ƙara mata kusan miliyan uku. Wanda ya manta da kason nisa zai samu 2,960,000, kusan sulusin amsar, kuma wannan shi ne ainihin abin da za a samu a zahiri idan aka ɗora ƙarfen biyu ba tare da walda ba, kowanne yana zamewa yana lanƙwasa shi kaɗai.

Maigini: Ranka ya daɗe, mu bim ɗinmu na kankare ne, ana zuba shi tare da dakin, rodi yana ƙasa. Shi ma 95 ɗin ne? Shi kuma I, ni da "juriyar lanƙwasa" kuka ce da na fi ganewa.

Injiniya: A'a, 95 na wannan awon ne kawai, kuma lissafin na abu iri ɗaya ne. Kankare yana tsagewa a ɓangaren ja, rodi ya karɓi aikin, layin ya haura sama, sau da yawa har cikin dakin ɗin. Sunan da ka kawo ya kusa, sai dai katako da ƙarfe masu wannan awo I ɗinsu ɗaya ne, alhali juriyarsu ba ɗaya ba ce, domin juriyar ita ce E, wato taurin abin da aka yi bim ɗin da shi, sau I. Siffa kaɗai I yake aunawa, shi ya sa nake ganin "bazuwar fuska".

Ɗaliba: Amma bazuwa ba ta nuna cewa ana ninka nisan da kansa ba, kuma nan ne muke yawan kuskure.

Malamin koyar da gini: Na karɓi "layin sifilin lanƙwasa", zan fara amfani da shi a aji. Ƙorafin ɗalibar kuwa yana da tushe, saboda haka zan ci gaba da rubuta I a allo har mu samu sunan da ya ɗauki ninkin. Akwai mai wata shawara?