Wai zena yaudara ce?

Mai Soda: Jama'a, na gaji. Duk wanda ya ce dayod ɗin zena tana riƙe wuta yaudarar mutane yake yi. Na haɗa zena 5.1V da rezista 220Ω a kan batir 12V don in ba wani ƙaramin bod da ke jan 40mA. Batir na kan caji komai lafiya, da ya sauka 11V sai mita ta nuna min 4V, bod ya yi ta mutuwa yana tashi. Na sauya rezista zuwa 47Ω, na cire bod na je cin abinci, na dawo na tarar da wari, zena ta ƙone. Yaudara ce kawai!

Ɗan Kwalejin Fasaha: Yaudara? Abin da aka sa wa sunan Clarence Zener, mutumin da ya yi bayanin yadda abin ke aiki tun 1934, shi za ka kira yaudara don ya ƙone a hannunka? Ka janye kalmar nan tukuna, sannan a yi magana.

Mai Soda: Ba zan janye ba. An rubuta 5.1V, na auna 4V. Me sunan wannan in ba yaudara ba?

Baban Gareji: Ni dai ina bayansa. Shekara da shekaru ina gyara, 7805 nake sawa in kwanta barci. Zena ta ƴan makaranta ce, a allo take aiki.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Baba, da girmanka, amma yaudara sai da niyya. Dayod ba ta da niyya.

Baban Gareji: To mu ce ha'inci, in hakan zai sanyaya maka rai.

Hajiya Injiniya: Ku bar rigimar kalma, ba a ga laifin zena ba tukuna. Malam Mai Soda, rezistarka ta farko a kan cikakken batir ka lissafa ta. Lokacin caji batir yana kai wa 14.4V, ka cire 5.1V, saura 9.3V a kan rezista. Raba da 220Ω, ka samu kusan 42mA. Bod ya ɗauki 40, zena ta samu ɗan ragowa, shi ya sa ka ga kamar lafiya. Da batir ya sauka 11V, abin da ke kan rezista 5.9V ne kawai, wato ba za ta iya wuce da fiye da 27mA ba in ana son fitarwa ta tsaya a 5.1V. Bod yana neman 40. Zena ba ta ƙara wuta, rarar da lodi ya bari take shanyewa. In babu rara sai ta yi shiru kamar ba ta wurin, rezista da bod su raba 11V tsakaninsu. Wannan rabon ne 4V ɗin da ka gani.

Mai Soda: To ai shi ya sa na rage rezista, Hajiya. Sai ta ƙone.

Hajiya Injiniya: Ka rage fiye da kima, kuma ka cire lodi. Da 47Ω a kan 14.4V, kusan 198mA ke bi, kuma babu bod da zai ɗauki komai, duk a kan zena ya sauka. Ninka da 5.1V, wat ɗaya ke nan. Wace zena ka sa?

Mai Soda: Ƴar ƙaramar nan ta gilashi, 1N5231B.

Hajiya Injiniya: Rabin wat take ɗauka. Ka ɗora mata ninki biyu ka tafi cin abinci. Rezistar nan gefe biyu ake duba mata. Gefen farko, batir a ƙasa, lodi a sama, nan ne ke nuna iyakar girman da ba za ta wuce ba:

```
Rmax = (Vin_min - Vz) / (IL_max + Iz_min)
     = (11 - 5.1) / (0.040 + 0.005) = 131
```

Na bar wa zena 5mA don kada ta saki. Wadda aka fi samu a ƙasa da 131 ita ce 120Ω. Gefe na biyu, batir a sama, lodi babu: 9.3V a raba da 120Ω, kusan 78mA, zafin zena wajen 0.4W. Ta rabin wat za ta yi zafi sosai a nan, ni ba zan yarda da ita ba, sa 1N4733A mai wat ɗaya. Kada kuma ka manta rezistar kanta tana cin wajen 0.72W. Ta kwatan wat za ta yi baƙi, nemi ta wat biyu.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Lissafi ya yi, sai dai 5mA ya yi kaɗan. A takardar 1N4733A a 49mA ake gwada ta. Dole a ba ta 49mA kullum, in ba haka ba ba za ta bada 5.1V ba.

Hajiya Injiniya: A 49mA aka auna ta, ba a ce shi ne mafi ƙarancin abin da take so ba. Gaskiyarka ɗaya, zena mai wajen 5V gwiwarta ba ta da kaifi, a 5mA za ta ɗan zauna ƙasa da 5.1V. In abin ya dame ka, bar mata 10mA, lissafi ya ba ka 118, ka sa 100Ω, amma ka san zafi ya ƙaru: 93mA in babu lodi.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Ni dai ban gamsu da 10 ɗin ba ma.

Ƴar Sola: Ni abin da ya ɗaure min kai, wa ke barin batir ya sauka 11V? Kashe batir kake yi, Malam. Matsalarka ba zena ba ce.

Mai Soda: Batir ɗina ne ko naki?

Ƴar Sola: Naka ne, kuma kai za ka sayi wani.

Autan Shago: Don Allah ni ma fankata ta 5V tana jan rabin amfiya, 120Ω ɗin zan sa?

Baban Gareji: Kai yaro, sa ka ga hayaƙi.

Hajiya Injiniya: Hayaƙi ba zai tashi ba, fankar ce ba za ta juya ba. Ga rabin amfiya sai rezista wajen 11Ω, kuma ranar da ka cire fanka zena za ta sha sama da wat huɗu. Wannan ba aikin zena ba ne, nemi ƙaramin bod na LM2596.

Baban Gareji: Kun ji ko? Da bakinta ta ce ba aikin zena ba ne.

Ɗan Kwalejin Fasaha: Fanka take nufi, Baba! Kuma 7805 ɗinka ma a rabin amfiya daga 14.4V zafin kusan wat biyar zai yi, sai da ƙarfen sanyaya. Ko ita ma yaudara ce?

Baban Gareji: Ina soda tun ba a haife ka ba.

Mai Soda: Na auna wadda ta ƙone, mita tana ƙara ta kowane gefe.

Hajiya Injiniya: Ta haɗe ke nan, haka suka fi mutuwa. Gara haka, da ta buɗe bod na jone da ya sha wutar da ta fi ƙarfinsa.

Baban Gareji: To bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo a makare. An tabbatar zena tana sakin wuta in batir ya sauka, tana ƙonewa in ya hau, kuma su masu lissafin ma sun kasa daidaitawa tsakanin 5mA da 10 da 49. Hajiya ta kawo wasu lambobi, an gode. Mai Soda, sa 7805.

Mai Soda: Na riga na sayi 120Ω ɗin. Amma kalmata tana nan, ban janye ba.